Yadda ake gyara sanarwar taron ƙungiya idan ta fita da kuskure

Ranar Alhamis da dare, 2 ga Oktoba 2025, wannan sanarwa ta fita a zauren WhatsApp na ƙungiyarmu ta unguwa a Aboabo, cikin Kumasi. Mataimakina ne ya rubuta, ni kuma a matsayina na sakatare na ce ya tura ba tare da na zauna na duba ba, saboda haka alhakin a wuyana yake. Ga ta kamar yadda ta fita:

"SANARWA. Assalamu alaikum. Ana sanar da duka yan kungiya cewa za'a yi taron kungiyan mu ranan Lahadi 11/10/2025 da karfe 4 a inda muka saba. An dage maganan zabe. Kowa yazo da kudin wata. Sakatare."

Washegari da hantsi Hajiya, shugabar ɓangaren mata, ta kira ni. Ta ce, "Ɗana, Asabar ce ko Lahadi? Jikata ta duba waya ta ce sha ɗaya ga wata Asabar ce. Ni kuwa ranar Asabar ina da biki a Tafo, mata kuma sun dame ni da tambaya." Na ce, "Mma, ki ba ni zuwa bayan Juma'a, kada ki ce musu komai tukuna."

Layi huɗu ne kacal, amma da na zauna na same su da matsala a rana, da lokaci, da wuri, da kuma kalma guda da ta juya ma'anar magana gaba ɗaya. Zan bi gyaran daki-daki yadda muka yi shi, don wanda aka ɗora wa alƙalamin ƙungiya ya samu abin bi.

Ka fara nemo abin da aka yanke, kafin ka taɓa rubutun

Idan sunan rana da kwanan wata suka saɓa, mutum yakan yi sauri ya gyara wanda ya fi masa sauƙi. Wannan shi ne ke haifar da gyara na biyu, kuma da zarar an yi gyara biyu a kan sanarwa ɗaya, jama'a sun daina yarda da ita. Sakatare ba shi ne ke zaɓar ranar taro ba. Aikinsa ya rubuta abin da aka yanke.

Na buɗe littafin da muke rubuta bayanin zama. A ƙarshen zaman Satumba an rubuta cewa taro na gaba zai kasance Lahadi ta biyu a watan Oktoba. Na buɗe kalanda: Lahadin farko 5 ga wata, ta biyu 12. Ashe sunan ranar daidai ne, lambar ce ta kauce. Duk da haka sai da na kira shugaba na karanta masa, ya ce, "Haka ne, Malam, sha biyu ce." Da a ce littafin bai faɗi komai ba, shi da kwamitinsa ne za su yanke, ni in jira.

Rana da kwanan wata

Na tambayi mataimakina inda ya samo 11. Ya nuna mini tsohuwar sanarwar watan Mayu a wayarsa: Lahadi, 11 ga Mayu 2025. Ita ya kwafo ya canja wata kawai. Daga 11 ga Mayu zuwa 11 ga Oktoba kwana 153 ne, wato mako 21 da kwana shida, shi ya sa ranar ta sauka a Asabar. Wata mai kwana 31 yana tura rana gaba da uku, mai kwana 30 da biyu, shekara guda kuma da ɗaya, sai idan 29 ga Fabrairu ta shiga tsakani ta zama biyu. Ba sai ka haddace lissafin ba. Abin da yake koya maka shi ne duk sanarwar da aka kwafo daga tsohuwa, da wuya sunan ranarta ya ci gaba da dacewa da lambar. Ka buɗe kalanda ka ɗora yatsa a kan ranar, ka duba kan shafin ka tabbatar wata da shekara su ne waɗanda kake nufi.

Abu na biyu, ka rubuta sunan wata da haruffa. A Gana muna fara rana sannan wata, don haka 12/10/2025 a wurinmu 12 ga Oktoba ce. Amma muna da 'yan ƙungiya a New York da ke turo kuɗin wata, suna kuma sauraron taro ta waya. A Amurka wata ake fara rubutawa, wanda ya daɗe a can zai karanta 10 ga Disamba. Idan ka rubuta "Lahadi, 12 ga Oktoba 2025" ka rufe wannan ƙofa, kuma ka ba mai karatu hanyar kama ka idan ka yi kuskure, kamar yadda jikar Hajiya ta yi. Da sanarwar ba ta ɗauke da sunan rana, da babu wanda zai gane komai sai ranar Asabar.

Ka guji "gobe", "jibi", "Lahadi mai zuwa" da "Lahadi ta sama" a rubuce. A baki suna da daɗi, amma saƙo yana yawo daga waya zuwa waya, wanda ya buɗe shi bayan kwana uku gobensa daban ce. Haka "daren Lahadi": a lissafin da iyayenmu suka saba da shi dare ne ke gaba da yini, daren Lahadi shi ne wanda ke shiga da magaribar Asabar, alhali yaro ɗan boko zai ɗauka bayan isha'in Lahadi ake nufi. Idan taron dare ne, ka ce "ranar Asabar da dare, bayan isha'i", ka sa kwanan watan Asabar ɗin.

Wasu ƙungiyoyi suna son a ƙara kwanan watan Hijira, kuma abu ne mai kyau. Sai dai ka sani 12 ga Oktoban 2025 ta faɗa cikin Rabi'us Sani 1447, amma wata kalandar za ta ce 20 ga wata, wani mai bin ganin wata ya ce 19. Ni a ganina idan za a sa, a sa shi a baya, a kuma bayyana cewa kwanan boko ne abin dogaro a wannan taro. Mu mun bar shi a waje, don ba ma son mu ƙara lamba a sanarwar da lamba ce ta ɓata ta.

Lokaci

"Karfe 4" babu wanda zai ɗauka na asuba ne, amma al'adar barin "na yamma" ita ce ke kawo rikici ranar da taro ya zama ƙarfe bakwai ko takwas. Ka saba da rubuta na safe, na rana, na yamma ko na dare kullum. Sun fi gajerun haruffan Turanci da mutane ke rikitawa, musamman a sha biyu.

Da yawa daga dattawanmu da salla suke auna lokaci, matasa kuma da agogo. Idan ka rubuta "bayan la'asar" kaɗai, wani masallacin ya idar uku da rabi, wani sai wajen huɗu saura, sai mutane su yi ta shigowa ɗai-ɗai. Haɗa su biyun shi ya fi: "ƙarfe 4:00 na yamma, bayan sallar la'asar". Sannan ka faɗi lokacin tashi. A Oktoba rana tana faɗuwa a Kumasi gab da ƙarfe shida, ga mata da girki a gabansu, ga masu neman trotro zuwa Tafo ko Sawaba. Muka sa tashi ƙarfe 5:30. Wanda ya san awa ɗaya da rabi ce kawai ya fi zuwa da wuri, shugaba kuma yana samun abin da zai tsawatar da shi idan magana ta yi tsawo.

Ga na waje, ka ƙara "agogon Gana". Najeriya da Nijar suna gaba da mu da awa ɗaya duk shekara. Turai da Amurka kuwa suna canja agogo, Gana ba ta canjawa, saboda haka ƙarfe huɗunmu a tsakiyar Oktoba sha biyun rana ce a New York, amma a Disamba sha ɗayan safe ce. Kada ka ɗauki nauyin lissafa wa kowa nasa, ka faɗi namu su auna.

Wuri

A nan na fi daɗewa, kuma nan ne na ga abin da ya fi ba ni tsoro. "Inda muka saba" wurare biyu ne a kan mutanenmu. Shekaru muna zama a ƙofar gidan wani dattijo ƙarƙashin rumfa. Da ruwan Yuni ya yi ƙarfi muka koma wata makarantar Islamiyya. Wanda bai zo zama uku na baya ba, a wurinsa inda aka saba shi ne ƙofar gida. Sabbin 'yan ƙungiya kuma ba su saba da ko'ina ba.

Kada ka gyara wuri daga kan kujera. Bayan Juma'a na tafi makarantar da ƙafata na sami malamin da ke riƙe da makulli. Tambaya uku na yi masa: an san da zuwanmu ranar 12, wane ɗaki za a ba mu, kuma wa zai buɗe? Ya ce, "Alhamdu lillahi da ka zo, Malam. An gaya mini Lahadi amma ba a ce wacce ba, ni kuma na yi niyyar ba ku ɗakin sama." Ɗakin sama matakala ce mai tsayi, muna da tsofaffi biyu masu ciwon gwiwa da wata baiwar Allah mai juna biyu. Muka daidaita a kan babban aji na ƙasa, ya ce ɗalibai za su tashi kafin azahar, shi da kansa zai buɗe uku da rabi.

Wajen rubuta wuri, ka taso daga babba zuwa ƙarami: unguwa, ɓangaren unguwa, sunan wurin, alamar da kowa ya sani, sannan ɗakin. "Aboabo" kaɗai ba ta isa ba, tunda akwai namba 1 da namba 2. Haka wanda ke Akra ba zai ce "Nima" ko "Mamobi" ya yi shiru ba. Alama kuma ta zama mai zama daram, kamar masallaci ko gidan mai, ba teburin mai koko da ke tashi da hantsi ba. Idan wurin yana da suna biyu, na allo da wanda jama'a ke kira, ka sa duka.

Tun 2017 akwai adireshin GhanaPostGPS, kuma yana taimakon mai zuwa daga nesa. Amma tsarin ya yanka ƙasa ne murabba'i-murabba'i na mita biyar-biyar, don haka ka tsaya a bakin ƙofar shiga ka ɗauki lambar, kada ka ɗauka daga ɗakinka ko daga bakin titi. Kuma ƙari ne a kan kwatance, ba madadinsa ba. Hajiya ba za ta buɗe manhaja ba, "bayan masallacin Juma'a" take so ta ji.

Kurakuran rubutu

Ba duka kuskure ne ke da nauyi ɗaya ba. Ka fara da wanda ke canja ma'ana. A sanarwarmu shi ne "an dage maganan zabe". Abin da kwamiti ya yanke shi ne an ɗage zaɓe zuwa wani zama. Amma "dage" ba tare da lanƙwasa ba tana nufin tsayawa kai da fata. Mutum biyu sun riga sun fahimci cewa shugabanni sun dage sai an yi zaɓe a wannan zama, har ɗaya ya fara kiran mutanensa. Irin wannan ne fada da faɗa, baki da baƙi, kasa da ƙasa. Wayoyi da yawa suna da allon rubutun Hausa da ake ƙarawa a saituna, mai ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ. Idan naka ba shi da su, ka sauya kalmar da wadda ba ta da haɗari. Ko da lanƙwasar ma, na ga ya fi a buɗe maganar: "Ba za a yi zaɓe a wannan zama ba." A kuma lura, ɗagewa daban, sokewa daban. Idan ɗagewa ce, a faɗi zuwa yaushe, ko a ce za a sanar.

Sai rabon kalmomi. "Za a" kalma biyu ce, babu ɗaurin sama a tsakaninsu. "Yazo" ya zama "ya zo", kamar yadda "ya yi" ba "yayi" ba ce, don yayi abin da ke tashe ne a zamani. Amma "suna", "muna" da "ƙungiyarmu" a haɗe suke. "Yan" kuma tana son alamarta a gaba: 'yan.

Maganar "ranan", "kungiyan" da "maganan" tana bukatar a yi ta da mutunci. Hausarmu ta Zango ba ta cika raba namiji da mace a nahawu ba, haka muka tashi muka ji iyayenmu suna yi, kuma ba aibi ba ne. A saƙon murya ni ma haka nake magana. Sai dai takardar ƙungiya tana zuwa hannun mutanen Kano da Damagaram da ke zaune tare da mu, tana kuma shiga fayil. A daidaitacciyar Hausa rana, ƙungiya, magana da sanarwa duk mata ne, suna ɗaukar "r": ranar Lahadi, ƙungiyarmu, maganar zaɓe. Taro, wuri da lokaci maza ne: taron wata, wurin taro. Mafi yawan kalmomin da suka ƙare da "a" mata ne, amma akwai masu fita, kamar gida, suna da wata. Abin da ba na so shi ne gauraye, "ranar" a layin farko, "ranan" a na uku. Ka zaɓi ɗaya ka riƙe.

"Kudin wata" ma na gyara, ba don lanƙwasa kaɗai ba. Nawa ne, na wane wata, a ba wa? Rashin faɗar haka ne ke sa ma'aji jayayya a bakin ƙofa.

Ga yadda ta koma:

"GYARAN SANARWA. Wannan ta maye gurbin wadda aka tura ranar Alhamis, 2 ga Oktoba.

Assalamu alaikum. Ana gayyatar dukkan 'yan ƙungiya, maza da mata, zuwa taron wata-wata.

Rana: Lahadi, 12 ga Oktoba 2025.
Lokaci: ƙarfe 4:00 na yamma, bayan sallar la'asar, zuwa 5:30, agogon Gana.
Wuri: Aboabo namba 2, makarantar Islamiyya da ke bayan masallacin Juma'a, babban aji na ƙasa. Ba a ƙofar gidan Alhaji ba.
Abin da za a tattauna: rahoton ma'aji da aikin gayyar yashe kwata. Ba za a yi zaɓe a wannan zama ba, an ɗage shi, za a sanar da ranarsa.
Kuɗin watan Oktoba sidi 20 ne, a ba ma'aji.

Muna neman afuwa a kan kuskuren sanarwar farko. Allah ya ba da ikon zuwa.
Sakatare, da izinin shugaba. Asabar, 4 ga Oktoba 2025."

A taku sai ku sa cikakken sunan ƙungiya a sama, da sunan makarantar, da lambar wayar mutum ɗaya da za a kira. Ka lura ban rubuta "12, ba 11 ba". Mai karatu cikin sauri yakan riƙe lambar da idonsa ya faɗa a kai, don haka ban sake nuna masa tsohuwar ba. Wurin kuwa na ambaci tsohon da gangan, domin ƙafa ce za ta kai mutum can ko bai karanta komai ba.

Kafin turawa na ba ma'aji, wanda ba ya cikin masu rubutawa. Ban ce masa "duba ko da kuskure" ba, don kowa zai ce babu. Na ce ya karanta sau ɗaya, ya kife wayar, ya gaya mini yaushe, ƙarfe nawa, a ina, kuma me zai kawo. Ya amsa huɗun daidai. Sannan muka ɗora ta kusa da ta Turanci da muke yi saboda 'yan'uwanmu da karatun Hausa ke yi wa wuya, muka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ita ma 11 ce a cikinta.

Janye tsohuwar

Sabuwar sanarwa ba ta aiki matuƙar tsohuwar tana yawo. WhatsApp yana barin a gyara saƙo cikin minti 15 ne kawai da turawa, kuma ko an gyara ba ya sanar da wanda ya riga ya karanta. Gogewa ga kowa tana yiwuwa cikin kimanin kwana biyu, mu mun samu mun goge tun ranar Juma'a. Amma kwafin da aka riga aka tura wasu zauruka yana nan yadda yake. Don haka na lissafa duk inda ta bi: zauren ƙungiya, zauren mata, na matasa, takardu biyu da aka manna a bango, da ladanin da aka roƙa ya yi shela. Hajiya ta tura gyaran ga mata ta bi shi da saƙon murya, a ciki ta faɗi rana da wuri sau biyu. Takardun bango muka ciro su, ba mu gyara da biro ba, don lambar da aka soke aka rubuta wata a kanta tana barin mutum cikin shakka. Ladan kuma muka kai masa a rubuce, da manyan haruffa.

Ka duba tsarin mulkin ƙungiyarku a kan wa'adin sanarwa. Namu ya ce kwana bakwai. Gyaran ya fita 4 ga wata, taro 12, saura kwana takwas, mun tsira. Da sai ranar Laraba muka farga, da na ba shugaba shawarar a matsa da taron, musamman da a ce akwai zaɓe ko maganar kuɗi mai nauyi, domin wanda hukunci bai yi wa daɗi ba zai ce ba a sanar da shi yadda doka ta ce ba, kuma yana da hujja. Gyaran harafi ba ya taɓa wa'adi, amma gyaran rana ko wuri kamar sabuwar sanarwa ce.

Ranar Asabar 11 ga wata na zauna kusa da makarantar daga huɗu saura zuwa huɗu da rabi. Mutum ɗaya ya zo, wani tela da wayarsa ta lalace, labari ya ji a bakin maƙwabcinsa. Na ba shi haƙuri na rubuta masa ranar a takarda. Ran Lahadi kuma muka ajiye yaro a ƙofar gidan Alhaji tun uku da rabi, ya rako tsofaffi biyu zuwa makaranta. Da aka buɗe taro da addu'a, abu na farko da na karanta shi ne cewa sanarwar 2 ga wata ta fita da kuskure, an gyara ta ranar 4, na kuma manna kwafin biyun a littafin zama, shafi ɗaya.